Cacar ƙwallo: alamomin kamuwa da iyakokin da mutum zai sa wa kansa

Tambaya: Likita, ina buga cacar ƙwallo a waya, amma ba kullum ba. Ta yaya zan gane ta fi ƙarfina? (Wani mai shago, Agege)

Amsa: Malam, alamar da na fi dubawa ita ce bin asara, wato a cinye ka naira 5,000 da rana, kafin magariba ka zuba 10,000 don ka dawo da ita. Bayan wannan sai ƙara kuɗi saboda ƙaramin adadi ya daina sa ka jin komai, da ɓoye wa iyali, da taɓa uwar kuɗin shago ko cin bashin manhajojin waya, da fushi da rashin barci duk lokacin da ka yi niyyar bari. A ma'aunin likitocin ƙwaƙwalwa alamomin tara ne, kuma wanda ya haɗa huɗu cikin wata 12 ana ɗaukarsa mai larurar caca.

Tambaya: Na kasa bari gaba ɗaya. Wace iyaka zan sa? (Wani direban Keke, Idi-Araba)

Amsa: Hukuncin addini a kan caca sananne ne, kuma a wurina bari shi ne magani, amma ga abin da za ka fara da shi yau. Idan kana samun naira 150,000 a wata, kada abin da za ka zuba ya wuce ɗaya cikin ɗari, wato 1,500, kuma ka zuba shi a asusunka na caca sau ɗaya a wata, ranar da hankalinka yake kwance. Wasu manhajojin caca suna da wurin ƙayyade kuɗin zubi, sai ka kunna shi, ka cire katin bankinka daga ciki.

Raba kuɗin nan kashi goma, kada tikiti ɗaya ya wuce naira 150, ko an ci ko an faɗi. Ka guji dogon tikiti, domin ko da kowane wasa cikin goma yana da yiwuwar kashi 70 cikin ɗari, damar su fito duka ba ta kai kashi 3 ba. Game da lokaci, minti 30 sau ɗaya a mako ya isa, da ƙararrawar waya a kunne, ban da dare, ban da wasannin kwamfuta masu ƙarewa cikin 'yan mintuna, waɗanda ba sa ba mutum sararin tunani. Idan ka karya iyakar sau biyu, ka nemi a rufe asusun.

Tambaya: Maigidana ya sha rantsuwa zai bari, ga bashi ya yi masa katutu. (Wata uwargida, Mile 12)

Amsa: Hajiya, kada ki biya masa bashin a ɓoye, kuma kuɗin cefane da na makaranta su dawo hannunki. Ku je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba a duba shi. Idan ya taɓa ambaton gajiya da rayuwa, a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.