Tun da man gyaɗa ya tashi, ribar ƙulina ta ɓace

Tambaya: Anti, ina aji biyu a babbar sakandare a Talata Mafara, ina sayar da ƙuli-ƙuli bayan an tashi. Ina sayen tunkuzar 2,000 da kwalbar man gyaɗa, itace da gishiri da leda su ci 500, in ɗaura ƙulli 100 na naira hamsin-hamsin. Da man 1,800 ne, yanzu ya koma 2,500, sai na ga kuɗina kawai ke dawowa. In ƙara kuɗi ne, ko in haƙura da sana'ar? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, kar ki bari tukuna. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwalba guda da kike ƙararwa a kowace suya. Tunkuza ta gaskiya ba ta shan mai haka. Akwai sauran mai a jikinta, kuma idan ta ji wuta sai ta sake shi cikin kasko, shi ya sa tsofaffin masu ƙuli kan sauke kasko man bai ragu ba, wani lokaci ma ya ɗan ƙaru.

To ina naki yake tafiya? Ki fara zargin tunkuzar. Idan an haɗa ta da garin rogo ko na masara don ta yi auki, gari ne ke zuƙe man. Za ki gane ta da haske fiye da kima da ƙarancin ƙamshi, kuma in kika murza ta a tafin hannu ba ta barin maiƙo. Sai kuma wuta: ƙulin da aka zuba a man da bai yi zafi ba kwanciya yake yi yana sha, ya fito da nauyi, ba ya ƙaras-ƙaras. Ki jefa ɗan gutsure, in bai taso da kumfa nan take ba, ki jira. Akwai kuma ɓarawon da ba a faɗa, wato cokalin da ake ɗiba a sa a miyar dare. Ki tace ragowar man ki mayar kwalba, ki yi wa kwalbar alama kafin suya da bayanta, ki nuna wa Inna cikin ladabi cewa wannan jari ne.

Babban gyaran kuwa yana ga inda kika tsaya a sana'ar. Mai matsar gyaɗa abu biyu take samu, mai da tunkuza, kuma a man ribarta take. Idan mai ya tashi ita ta ji daɗi, ke kuma da kike sayen duka biyun a hannunta ke ce mai biya. Mu gwada lissafi da farashin misali, ke kuma ki sa na kasuwarku ta ranar Talata. A ce tiyar ɓararriyar gyaɗa 3,500 ce, niƙa a inji 200, itacen soya gyaɗar 200, ya zama 3,900. Gyaɗa mai kyau da ta bushe sosai kan ba da kusan kwalba guda a tiya idan an juya ta da ruwan zafi kaɗan-kaɗan har man ya taso. In tunkuzar da ta rage ta kai wadda kike saye, kin samu da 3,900 abin da kike biyan 4,500 a kansa. Kin ga 600 ta dawo, ban da man da zai rage a kasko, wanda za ki iya sayarwa a ƙananan kwalabe.

Amma gyaɗa ma takan bi mai ta tashi, musamman daga bazara zuwa damina, sai da kaka take sauka. Matsa kuma aikin ƙarfi ne mai cin wuni, ba na ranar makaranta ba. Ki bar shi Asabar ko Lahadi, ki nemi babba ta tsaya miki a karon farko, domin ruwa in ya yi yawa man ba ya rabuwa. Ki fara da tiya ɗaya, ki auna man da ya fito kafin ki zuba duk jarinki. Ki tsince ruɓaɓɓiya da mai funfuna, tana sa ɗaci kuma tana cutarwa.

Batun ƙarin kuɗi, ban goyi baya ba. Daga hamsin sai ɗari, don babu canjin tsakani a hannun yara, kuma maƙwabciyarki tana nan da nata na hamsin. Gara ki ɗan rage girman mulmule yadda tunkuzar za ta ba ki ƙulli 110, ƙarin 500 ke nan. Ki soya ya bushe har ciki, ya huce sarai kafin ki ɗaure leda, in ba haka ba gumi zai sa ya yi laushi kafin kasuwa ta zagayo.