Kada a sallame ku ba a duba idon yarinyar nan ba

"Assalamu alaikum. Na haifi bakwaini a sati 31, nauyinta kilo 1.4, yau satinta uku a kwalba. An ce likitan ido zai duba ta, amma surukata ta ce idonta garau yake, kada a wahalar da ita. Dole ne a yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya ta, ya ba ki lafiyar shayarwa. Dole ne, kuma ina roƙonki kada ki bari a ɗaga ranar, domin abin da ake nema ba ya bayyana a waje, kuma idon da ke cikin haɗari yakan kasance fes kamar na kowane jariri.

Ɗana a sati 30 ya zo, ya daɗe ana ba shi iskar oksijin. Da za a sallame mu an yi mana bayanin nono, da ɗumi, da rigakafi, amma a asibitin nan babu wanda ya buɗe baki ya ambaci ido. Yana da wata huɗu na lura ba ya bin fuskata idan ina ba shi nono, sannan wata rana hasken taga ya faɗa masa a fuska, na ga wani fari a tsakiyar baƙin idonsa na dama. Likitan da muka je wurinsa ya daɗe yana dubawa, ya ajiye fitilarsa, ya tambaye ni wa ya duba yaron a watansa na farko. Na ce babu. Har yau ina jin shirun da ya yi, kuma har yau raina yana ɓaci idan na tuna cewa magana ce ta minti ɗaya da ma'aikatan nan suka kasa faɗa mana, alhali kullum suna shiga suna fita a kanmu. Idon dama ya tafi. Na hagu Allah ya tsare, ciwon ya ja baya da kansa, amma yana sa tabarau mai kauri.

Abin da likitan ya fahimtar da ni shi ne, jijiyoyin jinin da ke ciyar da tantanin gani na can bayan ido ba sa gama yaɗuwa sai cikin ya kusa cika sati 40. Idan jariri ya fito da wuri, musamman idan iskar da ake ba shi ta yi yawa ko tana hawa da sauka, sai yaɗuwar ta tsaya, daga baya kuma wasu jijiyoyi marasa ƙwari su tsiro a hargitse, su yi tabo, tabon ya janyo tantanin har ya ɓamɓare. ROP za ki ga an rubuta a kati, kuma mataki biyar gare shi. Na ɗaya da na biyu sukan warke da kansu sau da yawa, na huɗu da na biyar kuwa tantanin ya riga ya fara rabuwa, ko aiki aka yi da wuya gani ya dawo sosai. Farin da na gani alamar ƙarshe ce.

Shi ya sa lokaci ne komai a wannan lamari. Dubawar farko ana yin ta ne wajen sati huɗu da haihuwa, wato ke mako mai zuwa ke nan. Za a ɗiga mata magani ya buɗe baƙin idon, a sa ɗan ƙarfe ya riƙe fatar, likita ya leƙa da fitila a goshinsa da madubi a hannu. Za ta yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, amma mintuna kaɗan ne. Ki faɗa wa Hajiya haka cikin ladabi, ko ki sa maigida ya kai ta ta ji daga bakin likita, tausayin jikarta ne ya sa ta faɗa.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne bayan dubawar farko. An ce ba a ga komai ba, sai a koma gida a manta, alhali ciwon kan tsananta ne makonni bayan nan, lokacin da an sallami da yawa. Akan maimaita duk sati ɗaya ko biyu har jijiyoyin su gama yaɗuwa su kai gefen tantanin, saboda haka ki sa a rubuta miki ranar dawowa da wurin da za ki je kafin ki bar asibiti. Idan aka ce ya kai a yi magani, cikin kwana biyu zuwa uku ake so a yi, ko da hasken leza ko da allura a cikin idon, don haka ku fara tanadin kuɗi da na mota tun yanzu. Wadda aka yi wa allura kuma bibiyarta ta fi tsawo, domin ciwon yana iya dawowa.

Kada ki ji tsoron iskar, ita ce ta riƙe ranta, sai dai ki tambayi ma'aikatan jinya ko ana auna ta da na'urar nan da ake maƙala wa jariri a ƙafa. Idan kuma asibitinku ba su da likitan da ke wannan dubawa, ki nemi takardar tura ku asibitin koyarwa mafi kusa a wannan satin.