Bolt 2.4 ɗin da suka ɓace a teburin gyara

"Oga, na jera rizisto biyu masu 100 kΩ a kan batir mai bolt 12. Na gwada kowanne da mita mai allura, ya ba ni 4.8. Na haɗa, 9.6 ke nan. Ina sauran suka shiga?"

Ba su shiga ko'ina ba, ɗana, mitar ce ta ja su. Ɗauko ta ka duba ƙasan gilashin, za ka ga an rubuta 20,000 Ω/V. Ka sa ta a kan 10 V, to turjiyar cikinta 20,000 sau 10 ce, wato 200 kΩ. Da ka ɗora bakin wayoyinta a kan rizisto ɗaya, ka buɗe wa wuta hanya ta biyu a gefensa, ita kuwa allurar da wannan wutar take motsi. Rizisto mai 100 da mita mai 200 in suka tsaya gefe da gefe, sun koma kamar 66.7 kΩ. Shi ɗaya riziston yana nan a 100 ɗinsa, sai ya kwashi kaso mafi tsoka:

```
12 × 66.7 / 166.7 = 4.8 V
```

Kafin ka taɓa, 6 ne cif a kan kowanne. Ka koma kan na biyu, ka yi masa abin da ka yi wa na farko.

Ga yadda ake gane ta. Murɗa ta zuwa 50 V, turjiyarta ta zama 1 MΩ, za ka ga wajen 5.7. Duk wurin da karatu ya tashi don kawai ka sauya zango, mita ce ke danne shi. Mai lamba, irin wadda ke aljihuna, yawanci 10 MΩ ce, za ta ba ka 5.97. Ina ɗan koyo a Sabon Gari na taɓa cire rizisto lafiyayye daga wata rediyo saboda wannan, maigidana ya sa na mayar da shi, da dalma da komai. A bakin batirin mota kuwa ba ka da wannan damuwa, turjiyar batir ba ta taka kara ta karya ba.

Gwajin karan, wato yawan wutar da ke gudana a layi, shi kuma akasin haka ne. Yanke layi kake yi ka sa mita a tsakiya, turjiyarta ta ƙaru a kan ta kayan. Mu ce kaya mai 20 Ω a kan batir biyu, bolt 3, yana jan 150 mA. In zangon mA da fiyus da wayoyi sun kai 2 Ω, jimla 22, sai ka karanta 136. Mayar da jar wayar ramin 10A, turjiyar ta ragu sosai, sai dai ƙananan lambobin za su ɓace maka.

In ka gama, ka fitar da ita daga ramin nan kafin ka je gwada soket, don a can mitar gajeriyar waya ce kawai.