Me ya kamata in saka a sashen Featured na LinkedIn?

Tambaya: Malam, ina neman aikin nazarin bayanai. Ina da satifiket 14 na kwasa-kwasan intanet, da maƙala biyu da na rubuta, da rahotannin da na haɗa wa wani kamfani a Excel. In loda su duka a Featured ne, ko wanne zan zaɓa?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka loda duka. Sashen nan a jere yake nuna abubuwa, daga hagu zuwa dama. A kwamfuta biyu ko uku na farko ne ke fitowa, a waya kuwa da ƙyar na biyun ke leƙowa, sauran sai mutum ya ja da yatsa. Saboda haka abu uku sun ishe ka, kuma na farkon ya fi buƙatar tunani.

Rahoton ya kamata ya zo a gaba, domin shi ne ke nuna abin da hannunka ya iya. Amma a nan mutane ke shiga matsala. Alƙaluman da ke ciki na kamfanin ne, ba naka ba. Idan ba su ba ka izini a rubuce ba, sake gina rahoton da alƙaluman gwaji, ka cire sunan kamfanin da na abokan cinikinsa, ka kuma faɗa a bayanin cewa samfuri ne. Sannan ka mayar da shi PDF mai shafi uku zuwa biyar, jadawalin da ya fi kyau ya kasance a shafin farko, tunda daga nan ake ɗaukar hoton da masu ziyara za su gani. Take irin "Aikina na 1" bai gaya wa kowa komai ba. Rubuta misalin "Nazarin cinikin wata 12: kayan da ke jawo asara".

Na biyu, maƙala ɗaya, wadda ta shafi aikin da kake nema, ko da ɗayar ta fi samun masu karatu.

Satifiket suna da nasu wurin, wato Licenses & certifications, inda akwai gurbin Credential URL don a tantance su. Kai 14 ɗin can. Guda ɗaya kawai za ka kawo Featured, wanda aka yi maka jarrabawa kafin a ba ka, ba na halarta kawai ba. Idan akwai ranar haihuwa ko lambar katin shaida a jikinsa, rufe su kafin ka loda.

Daga shafinka, danna Add profile section, sai Recommended, sai Add featured. Bayan ka gama, gyara jerin da kanka, don sabon abin da aka ƙara kan hau gaba.

Idan mahaɗin Google Drive za ka saka, mayar da izininsa zuwa Anyone with the link. In ba haka ba, kai zai buɗe maka, wasu kuma su tarar da Request access. Gwada shi a wayar wani kafin ka fara tura takardun neman aiki.