Mutum shida, wata ɗaya, jaka 400: wa ya auna aikin?

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Tawa: «Malam, ina sayar da wake da gero. Zan gina mangaza mai mita 12 a tsawo, 8 a faɗi, 4 a tsayi, in riƙa ajiye hatsi da kaka in sayar da bazara, riba ta ninka. Ƙanena, wanda zai tsaya a kan aikin, ya ce magina biyu da lebura huɗu za su haƙa harsashi, su ɗora bulo, su yi yaɓe cikin wata ɗaya a kan jaka 400. Bara ma haka ya ce a ginin shagona, ƙarshe kuɗin ma'aikata ya kusa ninkawa. Nawa zan ware, mutum nawa zan ɗauka?»

Alhaji, ajiye maganar ribar bazara tukuna. Wake bai shiga mangazar da ba ta da rufi, kuma na gaji da ganin gine-ginen da suka tsaya a kan taga saboda mai su ya ƙirga riba kafin ya ƙirga lebura.

Kuskurenka ɗaya ne, kuma shi ne ya ci ka bara: ka karɓi adadin kuɗi daga baki, babu wanda ya auna aiki. Ban ce ƙanenka maci amana ne ba. Na ce bai yi lissafi ba, kuma ga shaida daga maganarsa. A ce magini yana karɓar jaka 5 a yini, lebura jaka 2 da rabi (ka sa farashin da ake biya a unguwarku in ya bambanta). Mutum shidan nan suna cin jaka 20 kowace rana. Jaka 400 kwana 20 kawai za ta biya su, alhali wata yana da kwanakin aiki 26. Ka ga tun ba a sari ƙasa ba, kuɗin da ya faɗa da lokacin da ya faɗa sun ƙaryata juna. Da ka raba 400 da 20 a bayan ambulan, da ba ka rubuto mini ba.

Lissafin ƙwadago daga jikin aiki yake farawa. Nawa ne aikin, kuma nawa hannu yake ci a yini? In ka san waɗannan biyu, awoyi za su fito da kansu, kuɗi ya biyo su, adadin mutane kuma shi ne na ƙarshe. Ƙanenka daga ƙarshen ya faro.

Mu auna mangazarka. Kewayenta mita 40 ne. Ka ninka da tsayi 4, bango ya zama murabba'in mita 160. Ka cire ƙofa da tagogi, a ce 150. Bulo mai santimita 40 a tsawo, 20 a tsayi, guda 12 da rabi ke rufe murabba'in mita ɗaya, don haka kana bukatar kusan 1,900. Magini ɗaya da lebura biyu, ɗaya yana kwaɓa siminti ɗaya yana miƙa bulo, a ce suna ɗora 100 a yini in an haɗa saurin ƙasa da nawar sama, don da bango ya wuce kai aka hau katako, hannu yana raguwa sosai. Kwana 19 ke nan na magini, 38 na lebura.

Yaɓe ciki da waje murabba'in mita 300 ne. Magini da lebura ɗaya, a ce 15 a yini: kwana 20 na magini, 20 na lebura. Haƙan harsashi kuma, rami mai tsawon mita 40, faɗi santimita 60, zurfi 80, ƙasar da za a fitar ta kusa kubik 20. A rairayi lebura zai iya fitar da kubik biyu a yini. Amma kai ɗan Adar ne, ka san inda diga ke tartsatsin wuta a kan dutse. In filinka irin wannan ne, ka sa kubik ɗaya, wato kwana 20 na lebura.

Ka tara: magini kwana 39, lebura kwana 78. A kan awa 8 a yini, awa 312 ta magini da awa 624 ta lebura, jimilla awa 936. Wannan shi ne girman aikinka, ko mutum uku suka yi shi ko goma. Kuɗinsa jaka 195 na magina, jaka 195 na lebura, jaka 390 gaba ɗaya. Ban sa zubin kankare da ɗaurin ƙarfe da rufi ba, tunda ba sa cikin abin da ƙanenka ya ambata. Waɗannan ka yi jinga da masu su, a rubuce.

Kada ka ce to ai ƙanena ya kusa daidai. Jaka 390 kuɗin aikin da babu tangarɗa ne, kuma ban taɓa ganin irinsa ba.

Kafin in wuce, bulo 100 da na faɗa ba aya ba ce. Kai za ka samo naka adadin. Ranar da aka fara ɗora bulo, ka je da kanka da safe ka sa alama da gawayi inda aka tsaya, ka koma da yamma ka ƙirga. Kwana uku a jere ka yi haka, ba tare da ka gaya wa kowa ranar da za ka zo ba. In 70 suke ɗorawa, kwana 19 ya zama 27, kuma gara ka sani a mako na farko da ka sani ranar da aljihu ya bushe. Ka lura da watan da za a yi aikin kuma. A Afrilu da Mayu, da zafin Tawa ya haura 40, daga sha biyu zuwa la'asar babu aikin kirki. Kana biyan awa 8, kana samun 6 ko ƙasa. Maginin da awarsa take sefa 625 a takarda ta koma sama da 830 a zahiri. Shi ya sa masu wayo ke farawa da an sallame asuba. Haka azumi, haka Juma'a da rabin yini ce amma ake biyanta cikakkiya. Da damina ta faɗi kuwa, leburorinka manoma ne, gona za ta kira su, wanda ya rage ya ƙara kuɗi.

Sai abin da ba ya cikin kuɗin yini. In al'adar wurinku mai aiki ke ciyarwa, sefa 500 ga kowane mutum a kwana 117 ya kusa jaka 59. Sannan ranakun da mutane suka zo aka rasa abin aiki: mai ruwa bai kawo ba, motar yashi ta lalace, siminti ya ƙare kai kuma kana kasuwar ƙauye. Sun zo, sai an biya su. Na saba ware kashi 15 cikin ɗari don wannan da gyaran abin da aka ɓata, wato kamar jaka 67 a nan. Mai gadi kuma ba ruwansa da yawan bulo, wata yake ƙirgawa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne tun farkon 2024, kuma ma'aikacin wata ana yi masa rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, inda rabon wanda ya ɗauke shi aiki ya haura kashi 16 cikin ɗari na albashi. Ka sa jaka 49 a wata, wata biyu 98, don aikin da kankare da rufi ba zai ƙare a wata ɗaya ba. Duka ya kai wajen jaka 615.

Ban kuma sa ladan ƙanenka ba, kuma dole ka sa. Ɗan'uwan da aka tsayar a rana wata biyu ba a yanka masa komai ba, zai yanka wa kansa, ko da bai yi niyya ba. Ka faɗa masa adadi tun yau.

Yanzu mutum nawa? Ba shida ba daga farko har ƙarshe. Lokacin haƙa, lebura huɗu za su gama a kwana 5, kuma magini ba shi da aiki a nan sai ya zo ya ja igiya ya tafi. In ka ajiye magina biyu suna kallon masu diga, jaka 55 ta tafi da abincinsu. Lokacin bulo ne kake bukatar shidan, kwana 10. Lokacin yaɓe, magina biyu da lebura biyu sun isa, kwana 10; sauran biyun in ka bar su, jaka 60 ce a banza. Jaka 115 ke nan da babu bulo ɗaya da ta ɗora, kuma a nan nake zaton kuɗin shagonka ya zube bara. Kada kuma ka ce bari in zuba magina shida a gama a kwana uku. Sabon bango ba ya son a ɗora shi da tsayi sosai a rana ɗaya, wurin kwaɓa ɗaya ne, katakon hawa ba zai isa ba. Mutane za su yi ta jiran juna kana biya.

Wani mai sayar da kayan masarufi a Yamai ya taɓa kawo mini takardunsa bayan katangar filinsa ta cinye kusan ninkin abin da ya ware. Ɗan yayarsa ke tsaye a kan aikin, duk Asabar ya zo ya ce mutum kaza, kwana kaza, a ba shi kuɗi. Babu suna ko ɗaya a rubuce. Muka je muka ƙirga bulon da ke jikin katangar, muka raba da kwanakin magina da aka biya, sai ga kowane magini yana ɗora abin da bai kai 40 ba a yini. Ko dai maginan barci suke yi, ko wasunsu ba su taɓa taka wurin ba. Har yau bai san wanne ne ba, domin babu takardar da za ta raba gardama, kuma shi da yayarsa sun daɗe ba sa gaisawa. Littafin ɗan makaranta guda ɗaya da ya hana wannan duka.

Saboda haka ka sayi littafin kafin ka sayi siminti. Kowace rana shafi ɗaya: sunan kowane mutum, lokacin zuwa, lokacin tashi, sannan a ƙasa abin da aka yi, bulo nawa, yaɓe mita nawa. Ranar da aka zauna, a rubuta dalili. Ƙanenka ya rubuta, babban magini ya sa hannu, biya kuma kai za ka yi da hannunka, kana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Duk mako ka gwada abu biyu: kashi nawa na kwanakin da na ware aka ci, kashi nawa na aikin aka yi? In an ci rabin kwanakin bulo, ya kamata bulo 950 ko fiye su kasance a jikin bango, tunda layukan ƙasa sun fi sauri. In 600 ka tarar, ka tsayar da biya a ranar, ka zauna da babban magini, ku mayar da sauran aikin jinga a kan kowane bulo da kowane mita na yaɓe. Sai dai mai jinga gaggawa yake yi, don haka ka riƙe kashi goma cikin ɗari na kuɗinsa har ka ɗora igiyar awo a kan bangon ka ga ya miƙe.