Sunayen kifayen da ke cikin hotonka, da yadda na gane su

Tambaya: "Salamu alaikum ƴan'uwa. Wani abokina da ya tashi daga Damagaram ya bar mini akwatin kifin ado, kifi bakwai ne a ciki. Ga hoton. Don Allah wa zai faɗa mini sunayensu? Akwai jajaye uku, baƙi ɗaya, mai ɗigo-ɗigo ɗaya, ƙarami mai babbar wutsiya, da mai ruwan zinariya."

Wa alaikumus salam ƙanena. Na buɗe hoton na ƙara masa girma, na daɗe ina dubawa. Shida na gane su, ɗaya kuma sai ka sake ɗauko mini shi. Amma bari in fara da abin da shekaru tara na kiwon nan suka koya mini: launi shi ne abu na ƙarshe da ake dubawa. Kifi iri ɗaya yana zuwa ja, baƙi, fari ko rawaya, saboda masu kiwo sun daɗe suna zaɓe suna haɗawa. Abin da ba ya cika sauyawa shi ne ƙirar jiki, baki, wutsiya, da fiffiken nan na ƙarƙashin ciki.

Jajayen nan uku ba iri ɗaya ba ne. Na hannun dama, wanda ƙasan wutsiyarsa ya miƙe ya yi tsini kamar takobi, shi ake kira mai takobi, masu sayarwa da Faransanci suna cewa zifo. Namiji ne kawai ke fitar da takobin. In za ka nema a waya, rubuta Xiphophorus hellerii. Guntun nan mai kauri da ke kusa da dutse, jiki ja amma wutsiya da fikafikai baƙaƙe, filati ne, Xiphophorus maculatus, kuma irin wannan launin nasa ana ce masa wagtel. Filati ba ya cika wuce santimita 6, mai takobi kuwa yana kai 10 ko fiye. Ja na uku shi ne wanda ke rikita mutane, don ba shi da takobi, sai a ce filati ne. Dubi jikinsa da kyau: dogo ne siriri, gindin fiffiken bayansa ya fi na guntun tsawo. Macen mai takobi ce.

Ga yadda na san mace ce, kuma wannan dabarar za ta yi maka aiki a kan kifi shida cikin bakwai ɗinka. Ka dubi fiffiken da ke ƙarƙashin ciki, dab da inda wutsiya ta fara. A jikin mace buɗe yake kamar ƙaramin mafici. A jikin namiji ya naɗe ya zama kamar ɗan tsinke kwance yana kallon baya, da shi yake barbara. Duk waɗannan haihuwa suke yi, ba ƙwai ba, wajen kowane sati huɗu, kuma mace tana ajiye maniyyi a jikinta wata da watanni. Kada ka yi mamaki in ka ga ƴaƴa ko da ka raba su. Sai dai ka riƙa lura da macen mai takobin nan, domin wasu mazan mai takobi suna jinkirin balaga, su yi girma da kamar mace, sannan daga baya tsinken ya fito, takobi ya biyo.

Baƙin nan wuluk, har fikafikansa, baƙin moli ne, Poecilia sphenops. Dubi saman kansa a baje yake, bakinsa yana kallon sama. Mai ɗigo-ɗigon ma moli ne, fari mai dabbare-dabbaren baƙi, ana ce masa dalmeshiyan. Ka ga abin da nake nufi: launi ya raba su nesa, amma ƙira ɗaya ce, kuma za su iya haihuwa tare. Ƙaramin mai wutsiya kamar tuta gupi ne namiji, Poecilia reticulata. Matan gupi sun fi girma, launinsu toka-toka, da baƙin tabo a bayan ciki.

Tun da mun taɓo ɗigo, akwai ɗigon ado, akwai na ciwo. Na ado shafe yake a jikin fata, girmansa ba ɗaya ba, kuma yau da gobe yana nan inda yake. In ka ga fararen ƙwayoyi ƙanana kamar an barbaɗa gishiri, sun ɗan taso, har a kan wutsiya, suna ƙaruwa kullum, kifin kuma yana goga jikinsa da dutse, to cuta ce. A nan garin ta fi zuwa lokacin hunturu, Disamba da Janairu, idan ruwa ya yi sanyi da dare. A jikin baƙin molin za ka fara ganinta, shi za ka riƙa dubawa.

Saura mai ruwan zinariyar, wanda ya juya wa kyamara kai. Ba zan ba shi suna daga wannan hoton ba, saboda abu uku ne ke zuwa da wannan kama yana ƙarami, kuma ni kaina na taɓa faɗawa. Shekarun baya na sayo ƴan kifi biyu a wurin wani mai kawowa daga Kano, ya ce mini kifin zinariya ne. Tsawon ɗan yatsa suke, ja-ja mai haske. Bayan wata biyu sai na ga suna tona tsakuwa suna yin rami, suna korar kowa, ƴaƴan gupina kuma suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya na durƙusa gaban gilashin, ɗaya ya miƙe fiffiken bayansa, na ga ƙayoyi jere tun daga ƙeya har kusa da wutsiya. Jar karfasa ce, ƴar'uwar wadda ake kamawa a tafkin Gidimuni. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don gupin nan ni na rene su tun suna kamar ƙwayar shinkafa.

To ka duba abu biyu. Wutsiyar karfasa a datse take kamar tsintsiya, ta kifin zinariya, Carassius auratus, a rabe take gida biyu. Sannan bakin: in akwai ɗan gashin baki a gefe, guntu, irin na tarwaɗa amma ƙarami sosai, kifin adon nan ne da ake kira koyi, ɗan'uwan kifin zinariya. Kifin zinariya ba shi da gashin baki ko kaɗan. Bambancin yana da nauyi, domin koyi yana wuce rabin mita, ba kifin akwati ba ne, na kududdufi ne. Ko kifin zinariyar ne ma, ya fi son ruwa mai sanyi, zafin Afrilu da Mayu na Damagaram yana wahalar da shi fiye da sauran, kuma duk ɗan da ya shiga bakinsa zai haɗiye.

Ga yadda za ka ɗauko mini shi. Na lura fitilar akwatinka shuɗiya ce, tana mai da rawaya kore-kore, ja kuma ya yi duhu. Kashe ta, ka sa farar fitila daga sama. Ka jira bayan magariba, ka kashe wutar ɗaki don kada inuwarka ta fito a gilashi, ka kashe filashin waya, ka goge gilashin. Jingina wayar da gilashin daidai tsayin kifin, kada ka ɗauka daga sama ko a karkace. Maimakon hoto, ɗauki bidiyo na daƙiƙa 20, sannan ka tsayar da shi inda kifin ya ba ka gefe, fikafikansa a buɗe, ka ɗauki hoton allon. Kada ka yi da asuba da zarar ka kunna fitila, a lokacin launinsu a koɗe yake. In da hali ka manna ashana ɗaya a gilashin daga waje, in gane tsawonsa.