Mai cin abincina ya ce gyaɗa tana yi masa illa: yaya zan yi da kicin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan gidan abinci a unguwar Yelwa, nan Garwa, ni da 'yan aiki biyu. Wani sabon ma'aikaci ya fara zuwa cin rana, ya ce jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, har an taɓa kwantar da shi asibiti a kanta. Na ce zan riƙa zuba masa miyar da ba gyaɗa, sai ya hau tambayata man da nake suya da shi da kuma ludayina. Wannan ba tsirfa ba ce kuwa? Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba tsirfa ba ce, mutumin ya san ciwonsa. Wannan lalura da likitoci ke kira alaji, garkuwar jiki ce take ɗaukar furotin ɗin gyaɗa a matsayin abokin gaba, kuma ba ta bukatar mai yawa kafin ta tashi. Kusan rubu'in nauyin ƙwayar gyaɗa furotin ne. Masana na hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya sun tsayar da miligiram 2 na furotin ɗin a matsayin ma'aunin lura, kuma ko a wannan ɗan adadin, kimanin mutum 5 cikin 100 na masu lalurar jikinsu zai amsa. Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki raba ta gida hamsin ko fiye, ki ɗauki kashi ɗaya: shi ke nan. Abin da ya maƙale a bayan ludayi ya ninka wannan sau da yawa. Wuta kuma ba ta kashe shi. Tafasa, suya, gashi, duk yana nan daram.

Miyar gyaɗa ba ita ce abin tsoro ba, don kowa yana ganinta. Inda ake faɗawa rami shi ne inda gyaɗar ta ɓuya, kuma a girkinmu na nan arewa ta ɓuya kusan ko'ina. Yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi. Kilishi a labun gyaɗa ake tsoma shi. Kwaɗon zogale da na rama, ƙuli ne gishirinsu. Miyar taushe da ta yakuwa, mata da yawa sukan jefa musu dakakkiyar gyaɗa don su yi kauri, ba tare da sun ɗauka abin faɗa ba ne.

Sai mai. Man gyaɗar da matanmu ke matsewa daga tunkuza, wanda ake aunawa a kwalba a kasuwa, yana ɗauke da furotin ɗin. Ƙamshin nan da muke so ma shaida ce cewa ba a tace shi ba. Wanda kamfani ya tace sosai yawancin masu lalurar ba ya taɓa su, amma ni ba zan ce ki gwada a kan mutumin da ya taɓa kwanciya asibiti ba, tunda muna da mafita a ƙofar gida: man auduga na Sodecoton, wato Diamaor, ko manja. Ki saya a rufe da hatiminsa. Man da aka ɗura daga jarka ba ki san me jarkar ta ɗauka jiya ba, kuma ba ki san ko an gauraya ba. Haka man da ya riga ya shiga kasko: in an soya nama mai yajin ƙuli a ciki da safe, man ya ɗauka, tacewa da rariya ba ta fitar da komai.

Na taɓa bin sawun irin wannan a wani ƙaramin gidan abinci. Wata budurwa ta ci gasasshen kifi da doya, cikin minti goma leɓɓanta suka kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu. Mai abincin ta rantse ba ta sa gyaɗa ba, kuma gaskiya ta faɗa. Man auduga ne, kifin daga Binuwai aka kawo shi da safe. Da na tambayi jajjagen da aka shafa wa kifin, sai ta ce a injin unguwa aka markaɗa. Na je wurin mai injin. Wadda ke gabanta a layi soyayyiyar gyaɗa ta kawo, shi kuma ya watsa kofi ɗaya na ruwa ya zuba mata attaruhunta. Da ya kwance bakin injin, tunkuza ce danƙare a tsakanin haƙoran. Turmin icce ma halinsa ɗaya, yana shan mai a tsagoginsa, haka muciya da katakon yanka da ya sha wuƙa. Waɗannan wanki ba ya ba ni natsuwa a kansu.

Saboda haka kada ki ce za ki tsarkake kicin ɗin gaba ɗaya, ba zai yiwu ba a inda ake dafa gyaɗa kullum. Ki zaɓar masa abinci ɗaya ko biyu da kika san duk abin da ya shiga ciki, misali shinkafa da miyar tumatir da kifi. Ki ware ƙaramar tukunya, kasko, ludayin ƙarfe, wuƙa, faranti da cokali, ki ɗaura musu jan zare a mariƙi, ki ajiye su cikin roba mai murfi a saman kanta, ba ƙarƙashin kwanon ƙuli ba. Tumatir, albasa da attaruhu ki yanka da hannu ko ki goga a magogin da aka ware masa. Gishiri da dunƙule ki ɗebo daga sabon ƙunshi, don kwanon gishirin da ke gefen murhu kowane hannu yana shiga. Ki fara da girkinsa da safe kafin a buɗe tunkuza, ki rufe, kuma wadda ta dafa ita za ta kai masa da hannunta.

Wanki da sabulu ne da ruwa da dirza, hannu da kaya duka, da soso na daban da tsumma mai tsabta. Ɗauraya da ruwa zalla ba ta isa ba. Ruwan shafa hannun nan na lokacin korona ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya cire furotin. Bahon wanke-wanke da faranti talatin suka bi ta ciki, kada nasa ya shiga.

In kuskure ya faru, a ce yarinya ta barbaɗa yaji bisa sabo, ba a kwashewa a miƙa masa sauran. Sabon faranti, ko kuwa ki ce masa yau babu. Ranar da aiki ya yi miki yawa ma haka za ki faɗa. Ki kuma hana 'yan aikinki cewa "babu gyaɗa" da ka. Duk wadda aka tambaya ta kira ki.

Tun yanzu ki tambaye shi ko yana yawo da allurar adiranalin, da inda yake ajiye ta. Alamu sukan fito cikin mintoci, wani lokaci har zuwa awa 2. Ƙaiƙayi da borin jini kaɗai abu ne mai sauƙi, a daina ci a zuba ido. Amma in murya ta dishe, harshe ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi yana ƙara kamar fito, ko jiri ya kama shi yana neman faɗuwa, to adiranalin ne maganin, a gefen cinya ta waje, nan take. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta buɗe maƙogwaro, manja da madara kuwa shaƙe shi za su yi. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya fi damunsa a bar shi a zaune, amma kada a tsayar da shi ko a ce ya taka. A nemo mota, ba mashin ba, a kai shi asibiti mafi kusa ko da ya ce ya ji sauƙi, domin abin yakan dawo bayan wasu awanni. Ki sa ragowar abincin a leda ki tafi da shi, ki faɗa wa likita duk abin da kika zuba a tukunyar.